Ekses a inshorar mota: ƙarami, babba, ko a fanshe shi gaba ɗaya?

Duk wanda ya yi wa motarsa cikakkiyar inshora, akwai wani layi a takardarsa da ba kasafai ake karanta shi ba sai ranar da mota ta bugu. A jadawalin da ke gaban takardar, inda aka rubuta lambar mota da darajarta da kuɗin da aka biya, za ka ga an sa Excess, a gefensa kuma wani adadi ko wani kaso. Wannan ekses shi ne abin da kai mai mota ka amince za ka ɗauka daga aljihunka a duk asarar da ta sami motarka, kamfani kuma ya biya abin da ya haura. Ba kuɗi ba ne da za ka kai ofis ka ajiye. Ranar biyan diyya ake zabtare shi. Idan injiniyan kamfani ya amince gyara zai ci naira 900,000, ekses ɗinka kuma naira 90,000 ne, abin da zai shigo asusunka ko asusun garejin shi ne naira 810,000, sauran kai za ka cika wa mai gyara.

Maganar ta shafi mai cikakkiyar inshora ne. Mai inshorar dole, wato ta naira 15,000 da jami'an hanya ke tambaya, ba shi da abin da zai zaɓa a nan, domin tun asali waccan takarda ba ta gyara motarsa, ɓarnar da ya yi wa wani take biya. Ko a cikin cikakkiyar ma, a motar gida galibi ekses yana kan ɓangaren lalacewar motarka ne, ba ya taɓa abin da za a biya mutumin da ka yi wa ɓarna. Masu takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, su ma ba su fita ba. Tsarin gudummawa da rabon rara daban yake, amma takardar mota ta takaful ita ma tana zuwa da nata ekses, kuma lissafin da za mu yi ya hau kanta daidai.

Kamfani yana sa ekses saboda dalilai biyu da nake ganin masu ma'ana ne. Na farko, ƙaramar diyya tana da tsadar aiki. A ce madubin gefe ya karye a Birnin Kebbi, sai an buɗe fayil, an turo mai dubawa ko an nemi hotuna, an yi ta kai da kawo da gareji, ɗawainiyar ta kusa cin kuɗin madubin. Na biyu, wanda ya san akwai kasonsa a kowane bugu ya fi kula da inda yake ajiye mota da wanda yake miƙa wa makulli. Don haka idan ka ce ka yarda a ɗaga kasonka, kamfani yana rage maka kuɗin inshora, tunda ka ɗauke masa wani nauyi. Tambayar ita ce nawa zai rage, kuma ko ragin ya kai nauyin da ka ɗauka.

Kafin lissafi, a san yadda ake rubuta shi, domin nan mutane ke ruɗewa. Wani ekses tsayayyen adadi ne, a ce naira 50,000 ko mene ne girman ɓarnar. Wani kaso ne na diyya, a ce kashi 10 cikin ɗari. Abin da aka fi gani a takardun Najeriya shi ne a haɗa biyun, a ce kashi kaza na diyya ko naira kaza, duk wanda ya fi yawa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce gaba ɗaya maganar. Ma'anarta, a ƙaramar ɓarna tsayayyen adadin ne zai kama ka, a babbar ɓarna kuma kason ne zai kama ka.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na kwatance ne, kowane kamfani da nasa farashin, amma yadda suke aiki haka yake. Wani malami ne mai aiki a sakateriyar Gwadangaji, yana da Korola da aka yi wa kuɗi naira miliyan 8. Dillalin inshora ya kawo masa zaɓi uku.

A zaɓi na farko, ekses kashi 10 ne na diyya ko naira 50,000, duk wanda ya fi yawa, kuɗin inshora kuma kashi 5.5 na darajar mota, wato naira 440,000 a shekara. A na biyu an ɗaga tsayayyen adadin zuwa naira 250,000, kason yana nan a kashi 10, kuɗin inshora ya sauka zuwa kashi 5, wato naira 400,000. Ragin naira 40,000 ke nan. Na uku shi ne a fanshe ekses ɗin gaba ɗaya, abin da ake rubutawa Excess Buy Back a takarda: ka ƙara kuɗi a kan zaɓin farko, a ce kashi 1 na darajar mota, naira 80,000, jimla naira 520,000, ranar diyya ba a zabtare maka komai ba.

To, ga abin da ya fi faruwa. Malam ya fito daga Gesse da safe, a wani shataletale mai keke Napep ya goge shi ya wuce. Bambar gaba ta tsage daga gefen dama, fitilar ta fashe, fenti ya kwaile kamar tafin hannu biyu a kan ƙofa. Mai gyaran jiki ya duba, ya ce da bamba 'yar Beljiyam da fitila da fenti da kuɗin aiki, naira 180,000. A zaɓin farko, kashi 10 na wannan naira 18,000 ne kawai, bai kai 50,000 ba, saboda haka 50,000 za a cire, kamfani ya biya 130,000. A zaɓi na biyu kamfani ba zai biya ko sisi ba, domin duk gyaran bai kai naira 250,000 ba. Malam yana riƙe da takardar da ya biya wa naira 400,000, kuma shi zai gyara motarsa da kansa. A na uku kamfani zai biya 180,000 cif.

Sai matsakaicin bugu. A hanyar Jega da magariba saniya ta faɗo titi, birki bai ishe shi ba. Bonet ya lanƙwashe, lagireto ya fashe, fitilu biyu da bamba sun tafi, gyara naira 900,000. Yanzu kashi 10 ya zama naira 90,000, ya wuce 50,000, don haka a zaɓin farko 90,000 za a cire. A na biyu 250,000 ne har yanzu ya fi yawa, kamfani zai biya 650,000. Tazarar da ke tsakaninsu naira 160,000 ce.

Babban bugu shi ne ya fi ba mutane mamaki. Idan gyara ya kai naira miliyan 3.5, kashi 10 naira 350,000 ne, ya wuce tsayayyen adadin kowane ɗayansu. Mai zaɓin farko da mai na biyu abu ɗaya za a cire musu. Daga gyaran naira miliyan 2.5 zuwa sama, babu sauran bambanci tsakanin takardun biyu. Haka nan idan motar ta tashi daga aiki gaba ɗaya aka biya darajarta, kowannensu za a cire masa naira 800,000 daga miliyan 8.

Wannan ya nuna ainihin abin da mai ɗaga ekses yake sayarwa. Ba kariyar babbar asara ya bari ba, tana nan yadda take. Abin da ya bari shi ne kariyar ƙanana da matsakaitan bugu, irin waɗanda ake yi a cunkoson kasuwa da bakin makaranta da wajen ɗaurin aure. Shi ya sa ma ragin ba ya da yawa. Kaso mai tsoka na kuɗin inshora yana tafiya ne wajen tanadin sata da gobara da bugun da ke kashe mota, da haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, da ladan dillali da kuɗin gudanar da kamfani, kuma ɗaga ekses bai rage ko ɗaya daga cikinsu ba. A misalinmu an ninka tsayayyen adadin sau biyar, kuɗin inshora kuma bai sauka da ko kashi 10 cikin ɗari na kansa ba.

Hanyar auna ko ragin ya biya mai sauƙi ce. Ka cire ƙaramin ekses daga babba, ka raba da ragin shekara. A nan 250,000 a cire 50,000 ya bar 200,000, a raba da 40,000, ya ba da 5. Ke nan sai Malam ya yi shekara 5 cur ba tare da bugun da ya faɗa tsakanin naira 250,000 da 500,000 ba, kafin abin da ya tara ya rufe asarar bugu guda irin wannan. Ko gogar mai Napep ta naira 180,000 ta cinye masa ragin fiye da shekara 3, tunda 130,000 ya rasa. Sai mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah, a shekaru biyar da suka wuce sau nawa motarsa ta kwana a wurin mai gyaran jiki. Wanda motarsa ba ta taɓa kwana ba, ko kuma sau ɗaya kawai ta kwana, babban ekses zai iya yi masa riba. Wanda ya ƙirga sau biyu ko uku, ƙaramin ya fi masa ko da kuɗinsa ya fi ciwo ranar biya.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da Najeriya, wanda nake so kowane mai mota ya riƙe kafin ya zauna da dillali. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon farashin inshorar mota da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023. A nan ne inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A cikin wannan takarda hukumar ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, bayan an cire duk wani ragi da rangwame. Ke nan akwai ƙasan da ba a wucewa. Idan kamfani ya riga ya ba ka farashi a kan kashi 5, ɗaga ekses ba shi da inda zai sauke maka kuɗi kuma. Ka ɗauki ƙarin nauyi a banza. Ragin yana da wurin aiki ne kawai idan farashinka na asali ya haura kashi 5, kamar motar haya, ko motar da ta taɓa karɓar diyya, ko wadda aka ƙara wa wasu kariya. Don haka tambayar farko ga dillali ba ta ekses ba ce. Ka ce masa, «Malam, a kashi nawa ka yi mini lissafi?» Idan ya ce biyar, sai ka nemi mafi ƙanƙantar ekses da za su iya ba ka a wannan farashi, ka bar maganar ɗagawa.

Fansar ekses ita ma tana buƙatar a auna ta, domin daɗin jin «ba za a cire maka komai ba» yana hana mutane lissafi. Malam zai biya ƙarin naira 80,000 kowace shekara. A gogar mai Napep abin da fansar ta cece masa naira 50,000 ne, bai kai abin da ya biya ba. Sai gyara ya kai naira 800,000 kafin kashi 10 ɗinsa ya yi daidai da 80,000, ko kuma ya yi ƙananan bugu biyu a shekara guda. Ga mai tuƙi a cikin gari a hankali, fansa asara ce a yawancin shekaru. Inda take da amfani na gaske shi ne ranar babbar asara, ranar da za a ce an cire naira 800,000 daga kuɗin da mutum zai sayi wata mota da su. Mai yawan bin dogon titi, daga Birnin Kebbi ta Jega da Koko zuwa Yawuri har Kwantagora, ko mai zirga-zirgar Kamba, haɗarinsa na babban bugu ya fi na mai zuwa ofis ya dawo, kuma shi ne zan ce ya duba fansa da kyau. Sharaɗi ɗaya: ya sa a nuna masa a rubuce cewa fansar ta haɗa da sata da asarar mota gaba ɗaya. Wasu takardun suna ware wa waɗannan nasu ekses daban, fansar kuma ba ta kai gare shi ba. Idan haka ne, an cire mata babban amfaninta.

Wasu abubuwa uku suna sa abin da aka zabtare ya fi wanda mutum ya yi zato, kuma sau da yawa ekses ake ɗora wa laifin.

Ɗaya, ekses na kowace diyya ne, ba na shekara ba. Bugu biyu a wata ɗaya, cirewa biyu. Mai babban ekses da ya yi gyaran naira 300,000 sau biyu a shekara ya fitar da naira 500,000 daga aljihunsa, kamfani ya ba shi 100,000 duka-duka.

Biyu, akwai ƙarin ekses na matashin direba ko sabon direba. Takardu da yawa suna cewa idan mai tuƙi lokacin haɗarin bai kai wasu shekaru ba, ko lasisinsa bai daɗe ba, za a ƙara wani adadi a kan na asali. A gidajenmu da ake aiken yaro kasuwa da mota, ko a bar wa ƙane ya kai Hajiya asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A duba shekarun da takardar ta ƙayyade, a kuma tambaya ko fansa ta shafe shi, domin ba lallai ba ne.

Na uku ya fi su nauyi, kuma ba ekses ba ne sam. Tun 2023 da darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na kayan gyara suka yi sama, amma mutane da yawa suna sabunta inshora a kan tsohuwar daraja don kada kuɗin ya ƙaru. A ce motar Malam yanzu ta kai miliyan 10 a kasuwa, shi kuma ya bar ta a miliyan 8. Inda takarda ta ƙunshi sharaɗin biya gwargwadon daraja, kamfani zai ce kashi 80 na motar kawai aka yi wa inshora, don haka a gyaran naira 900,000 zai fara da 720,000, sannan ya cire ekses daga nan. Ga kuma ragin tsufa a kan abubuwa kamar taya da batir, tunda sabo za a sa a madadin wanda ya ci rabin rayuwarsa. Wanda ya haɗa babban ekses da ƙaramar daraja zai iya ganin 470,000 a gyaran 900,000. Idan dole sai an rage kuɗin inshora ta wata hanya, ɗaga ekses a fili ya fi rage darajar mota sau goma, domin a na farko ka san iyakar abin da ka ɗauka.

Idan laifin na wani ne fa? Kamfaninka zai cire ekses duk da haka, domin yarjejeniyarku ba ta dogara da wanda ya yi laifi ba. Amma kuɗin bai ɓace ba. Kana da haƙƙin neman sa daga wanda ya buge ka ko daga kamfanin inshorarsa, kuma inshorar dole ta motar gida tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Abin da ke ɓata wannan shi ne sulhun bakin titi. Jama'a sun taru, dattijo ya sa baki, an ce a yi haƙuri tsautsayi ne, ka ce ka yafe, kowa ya kama gabansa ba lambar mota ba hoto. Yafiya abu ne mai kyau kuma haƙƙinka ne, sai dai ka sani kamfaninka ma yana da haƙƙin bin wancan mutum kuɗin da ya biya ka, kuma takardarka ta hana ka sasantawa ba da saninsa ba. Ka ɗauki lambar motar da hoton takardar inshorarsa da hoton wurin kafin a matsar da motoci, a sami rahoton 'yan sanda in ɓarnar babba ce. Mai babban ekses ya fi kowa buƙatar wannan, tunda naira 250,000 ɗinsa ke rataye a wurin.

A ganina, ma'aunin da ya fi lissafin shekaru muhimmanci shi ne aljihu. Kada ka amince da ekses ɗin da ba za ka iya fitarwa cikin mako guda ba tare da bashi ko sayar da wani abu ba. Ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata, wanda motar nan ita ce ta kai yara makaranta, ragin naira 40,000 bai kai ya bar motarsa ta yi wata biyu a gareji yana haɗa 250,000 ba. Amma Alhajin da ke da injin casar shinkafa da motoci shida ko bakwai, yana da makanikensa, yana sayen kayan gyara da sari, ƙananan bugu dama shi yake gyarawa ba ya ɓata lokacin cike fom. Shi babban ekses ya dace da shi, ragin yana taruwa a kan kowace mota, kuma abin da yake nema wurin kamfani shi ne ranar da mota ta ƙone ko aka sace ta. Wanda ya sayi mota da bashin banki kuwa ya fara tambayar bankin, domin mai ba da bashi kan sa nasa sharaɗin a kan irin inshorar da za a yi.

Ko da ƙaramin ekses, ba kowane bugu ya cancanci a nemi diyyarsa ba. Gyaran naira 70,000 da za a cire wa 50,000 ya bar maka 20,000, kuma neman ta zai iya jawo maka rasa rangwamen da ake yi wa wanda bai karɓi diyya ba lokacin sabuntawa. Sanar da kamfani abin da ya faru daban, neman kuɗi daban. Ka sanar cikin wa'adin da takarda ta faɗa, kada kuma a fara gyara kafin su duba motar ko su amince da ƙiyasin a rubuce.

Ranar da za ka yanke shawara, ka sa dillali ya rubuto maka farashin zaɓin uku a takarda ɗaya, a kan daraja ɗaya, kowanne da ekses ɗinsa a gefe, na haɗari da na sata da na sabon direba. Idan takardar inshorar ta fito, ka buɗe jadawalin ka tabbatar abin da ke layin ekses shi ne wanda kuka yi magana, fansar kuma ta fito a rubuce in ka biya kuɗinta. Ranar diyya, kafin ka sa hannu a takardar karɓar kuɗi, ka nemi a rarrabe maka abin da aka cire: nawa ne ekses, nawa ne ragin tsufa, nawa ne na daraja. Idan ka ga adadin da ba ya cikin jadawalinka, ka rubuta wa kamfanin kafin ka sa hannu, in ba a daidaita ba NAICOM tana da sashen karɓar koken masu inshora.